Ɗage taro ana gobe ba tare da an ɓata wa mutane rai ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne mai kula da sashen sayarwa a wani ƙaramin kamfanin gyaran shinkafa a Kano. Na kira dillalanmu uku taro gobe Talata da ƙarfe goma na safe, kuma ɗaya daga cikinsu dattijo ne da zai taso daga Zariya. Yanzu bayan la'asar aka sanar da mu cewa gobe da safe za a yi wa mahaifiyata aiki a asibiti, dole in kasance a wurin. Yaya zan ɗage taron ba tare da sun ga kamar na raina su ba, kuma wane lokaci ya kamata in ba su?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa a yi aikin a sa'a, ya sa kaffara ne.

Na yi shekaru masu yawa ina aikin sakatare a ofishin wani manaja, kuma wani babban ɓangare na aikina shi ne sa lokacin ganawa da kuma ɗage shi idan ta kama. Abin da na fahimta a tsawon wannan lokaci shi ne, mutane ba su cika jin haushin ɗage taro don an ɗage shi ba, domin kowa ya san lalura tana faɗo wa ɗan Adam ba shiri. Abin da yake ɓata musu rai shi ne a bar musu nauyin da ɗagewar ta haifar, wato su ne za su yi asarar mai da wuni, su ne za su riƙa kira suna tambayar yaushe za a zauna, su ne kuma za su ci gaba da jiran maganar da aka kira su dominta. Idan ka ɗauke musu wannan nauyi ka ɗora wa kanka, da wuya ka ga wanda zai riƙe ka a zuci. Duk abin da zan faɗa maka a ƙasa a kan wannan ya ginu.

Kafin ka ɗauki waya, ka zauna na minti goma kawai ka yanke shawara a kan abu biyu. Na farko, ka tambayi kanka ko taron zai iya gudana ba tare da kai ba. Idan abin da za a yi shi ne miƙa sabon jadawalin farashi da karɓar buƙatun kowa na wata mai zuwa, mataimakinka ko akantan kamfanin zai iya zama a madadinka, sai ka kira su ka sanar da su wanda zai karɓe su. Amma idan za a yi ciniki ne a kan ragi, ko a kan bashin kaya, ko wani abu da kai kaɗai ke da ikon cewa e ko a'a a kansa, to kada ka tura wakili, domin babu abin da ya fi ɓata wa dattijo rai irin ya taso daga wani gari ya zauna da yaron da duk abin da aka ce masa sai ya ce bari maigida ya dawo. A irin wannan hali ɗagewa ta fi mutunci.

Abu na biyu shi ne lokutan da za ka ba su, kuma a nan ne masu gaggawa suke yin kuskure. Zuciyarka za ta raya maka ka ce jibi Laraba, don su ga ba ka yi nisa da alkawarin ba. Ina ba ka shawara kada ka yi haka. Wanda aka yi wa aiki a asibiti, washegarin aikin yakan buƙaci mai jinya a kusa, akwai sayen magani, akwai jiran likita ya zagayo, akwai 'yan dubiya, kuma ba ka san yadda daren zai kasance ba. Idan ka sa Laraba sannan ka sake ɗagewa, ɗagewa ta biyu za ta ci mutuncin da ta farko ba ta taɓa ba. Ka zaɓi ranar da ka tabbata, iyakar sanin ɗan Adam, cewa za ka iya cika ta ko da jinyar ta ɗan ja, sannan ka shirya tun yanzu da wani ɗan'uwa da zai zauna a asibiti a wannan ranar idan ba a sallame ta ba. A ce gobe Talata 12 ga wata ce, to Alhamis 14 ga wata ita ce mafi kusa da zan yarda ka ambata, sai Litinin 18 ga wata a matsayin ta biyu. Ka tabbatar kuma cewa ɗakin da za a zauna ba a ba wani shi ba a waɗannan ranakun, kuma akantan da zai kawo lissafi yana gari.

Da ka gama wannan, sai kira. Kada ka bi jerin sunaye kamar yadda suke a wayarka, kuma kada ka fara da wanda ka fi sabawa da shi don ya fi sauƙin magana. Ka fara da wanda zai fi kowa asara idan labari bai same shi da wuri ba, wato dattijon Zariya. Tsakanin Zariya da Kano tafiyar kusan kilomita 150 ce, kuma mutumin da yake so ya iso ofishinka ƙarfe goma, da cunkoson shigowa gari, zai bar gida ne ba da jimawa ba bayan sallar asuba. Wannan yana nufin wa'adinka ba gobe da safe ba ne, yau ne kafin ya kwanta. Wataƙila ya riga ya gaya wa direbansa ya sha mai, wataƙila ya ɗage wata harkar tasa ta gobe saboda kai, kuma kowace sa'a da ka ƙara kafin ka kira shi tana rage masa damar gyara nasa shirin. Lokacin da ya fi dacewa shi ne yanzu, kafin magariba, ko kuwa tsakanin magariba da isha'i idan bai ɗauka ba.

Kiran waya nake nufi, da muryarka. Saƙon rubutu yana da amfaninsa, zan zo kansa, amma bai isa ya zama hanyar farko ta sanar da babba cewa ka fasa abin da kai ka kira shi dominsa ba. Dalili biyu ne. Ɗaya na ladabi ne, domin a wurinmu aika wa dattijo 'yan layuka a irin wannan magana yana kama da ka guje wa haɗa ido da shi. Ɗayan kuma na aiki ne, domin ba ka da tabbacin ya karanta. Manyan 'yan kasuwa da yawa ba sa duba WhatsApp sai dare, wasu ma yaransu ne suke duba musu, kuma alamar da ke nuna saƙo ya shiga waya ba ta nuna mai wayar ya san abin da ke ciki. Idan ka kira sau biyu bai ɗauka ba, ka tura gajeren saƙon tes na waya, wanda ba ya buƙatar data, ka ce ga wane ne, gobe ba za a zauna ba, kada ya taso, za ka sake kira bayan magariba. Sannan ka nemi yaron shagonsa ko direbansa ko ɗansa ka faɗa masa da baki. Ba ka gama aiki ba sai ka ji daga bakinsa ko bakin na kusa da shi cewa labari ya isa.

Na san wannan ne ta hanya mai ɗaci. Akwai ranar da aka kira maigidana Abuja ba shiri, alhali washegari yana da ganawa da wani ɗan kwangila da zai zo daga Katsina. Na tura saƙo da yamma, na ga alamar ya shiga, na kulle ofis na tafi gida. Washegari da hantsi ina zaune sai ga mutumin ya yi sallama, riƙe da jakar takardunsa, babbar rigarsa duk ta yamutse saboda zaman mota. Wayar da na tura wa saƙon tana hannun ƙaninsa a shago. Bai ɗaga murya ba, ya zauna ya sha ruwan da na kawo masa, ya ce ba komai, ya tashi ya koma. Amma sai da muka yi watanni kafin hulɗarmu da shi ta koma yadda take, kuma laifin nawa ne ni kaɗai, domin kiran minti biyu ne na kasa yi.

Yanzu ga abin da za ka faɗa idan ya ɗauka. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka tambayi iyali da kasuwa, amma kada gaisuwar ta yi tsawon da zai fara tunanin ko wata alfarma za ka nema. Labarin ya fito a cikin minti na farko. Kusan haka nake so maganar ta kasance:

"Alhaji, barka da yamma, an wuni lafiya? Ya kasuwa? Ranka ya daɗe, na kira ne in ba ka haƙuri a kan zamanmu na gobe. Yanzun nan aka sanar da mu cewa gobe da safe za a yi wa mahaifiyata aiki, kuma dole in kasance a asibiti, saboda haka zaman goben ba zai yiwu ba, kada ka taso. Na san ni na sa ka ka ware wannan rana, don Allah ka yi mini afuwa. Na duba, ina da Alhamis ɗin nan 14 ga wata da ƙarfe goma na safe, ko Litinin 18 ga wata da ƙarfe goma sha ɗaya. Wanne ya fi maka? Idan kuma duk ba su yi ba, ka faɗi ranar da ta yi maka, ni zan zo Zariya in same ka."

Ka lura da wasu abubuwa a cikin wannan magana. An faɗi ƙarara cewa zaman gobe ba zai yiwu ba, kuma an ce kada ya taso. Kunya takan sa mu ce "da alama goben zai ɗan yi wuya" ko "ban sani ba ko zan samu fitowa", kuma wanda ya ji haka yana iya fahimtar cewa taron yana nan sai dai a ɗan makara, ya taso. Haka kuma kalmar da za ka riƙe ita ce ɗagewa. Idan ka ce an soke ko an fasa, dillali zai iya ɗauka maganar ce gaba ɗaya ta mutu, ko kamfani ya sami wani mai saye, kuma kafin Alhamis ya riga ya fara magana da wani injin. Ɗagewa tana tafiya da sabuwar rana a jikinta, shi ya sa ba a furta ta sai da ranar a baki.

Game da dalili, naka dalili ne da babu wanda zai ja da shi, saboda haka ka faɗe shi a jimla ɗaya ka wuce. Ba sai ka bayyana irin ciwon ko sunan asibitin ba, sai idan shi ya tambaya don yana son ya zo dubiya ko ya aiko. Amma tunda wata rana za ka sami kanka da dalilin da ba shi da wannan ƙarfi, bari in faɗa maka ƙa'idar da nake bi. Idan dalilin na sirri ne, ya isa a ce wani uzuri na gida ya taso wanda ba zai jira ba. Idan kuskurenka ne, misali ka haɗa alkawari biyu a lokaci ɗaya ko takardun da za a tattauna a kansu ba su kammala ba, ka faɗi hakan a taƙaice ka ɗauki laifin. Abin da ba na yarda a yi ko kaɗan shi ne ƙirƙiro rashin lafiya ko rasuwa. Ban da kasancewarsa ƙarya, kasuwa ƙaramin gari ce, kuma dattijon da ka ce wa an yi maka rasuwa yana iya aiko ɗansa ta'aziyya, ko wani ya ce masa ya gan ka a Kantin Kwari a daidai lokacin da ka ce kana asibiti.

Ba da haƙuri kuma sau ɗaya ya isa idan an yi shi da gaske, ko sau biyu, a farko da kuma wajen sallama. Wanda yake ta maimaita "don Allah a yi haƙuri" sau biyar yana tilasta wa ɗayan ne ya koma lallashinsa, sai ya zama wanda aka ɓata wa shiri shi ne yake aikin kwantar da hankali. Abin da ya fi yawan ban haƙuri tasiri shi ne ka ambaci takamaiman abin da ka jawo masa, kamar yadda aka ce "na san ni na sa ka ka ware wannan rana", domin wannan yana nuna masa ka san lokacinsa yana da daraja.

Maganar sabon lokaci ita ce inda nake so in ɗan daɗe, domin a nan ne yawancin tarukan da aka ɗage suke mutuwa. Mafi munin abin da za ka ce shi ne "za mu sa wani lokaci in sha Allah" ko "zan neme ka". Faɗin in sha Allah abu ne da ya kamata a kan duk abin da mutum zai yi gobe, amma idan ya zo ba tare da rana da sa'a ba, mutane sun saba jin sa a matsayin sallama cikin ladabi. Kusa da wannan a rauni shi ne ka ce "duk lokacin da ya yi maka", wanda a fuska girmamawa ne, amma a aikace ka miƙa masa aikin duba ranakunsa da hasashen naka, kuma idan ya zaɓi Laraba sai ka ce ba za ka samu ba, ka ƙi shi sau biyu ke nan a kira ɗaya. Rana ɗaya tak kuma tana kama da umarni. Biyu ko uku ne daidai, a ranaku mabambanta, kuma idan da hali a sa'o'i mabambanta, domin wanda safiyarsa a cike take kullum ba zai amfana da safiya uku ba.

Kowane lokaci da ka ambata ya ƙunshi sunan rana, kwanan wata, ƙarfe nawa, da wuri. Harshenmu yana da wuraren da mutum biyu za su rabu kowa yana ganin ya fahimta alhali ba abu ɗaya suka fahimta ba. Idan yau Litinin ka ce "Alhamis mai zuwa", wani zai ɗauka ta wannan makon ce, wani kuma ta makon gobe. Idan ka ce jibi ko gata a cikin saƙon da ba a karanta ba sai washegari, lissafin ya goce da kwana ɗaya. "Bayan la'asar" yana iya zama ƙarfe huɗu da kwata a wurin wani, ƙarfe biyar da rabi a wurin wani. "Daren Juma'a" kuwa a wurin mutane da yawa daren Alhamis ne wayewar Juma'a, alhali wani yaro ɗan boko zai ɗauka daren da ke bin sallar Juma'a ake nufi. Kwanan wata da ƙarfe su ne suke kashe duk wannan ruɗani. Idan wata rana taron na waya ne da wani a ƙetare, ka ƙara da faɗin agogon wace ƙasa kake nufi. Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya ne, amma Ghana tana bayanmu da awa ɗaya, Saudiyya kuma tana gabanmu da awa biyu.

Wajen zaɓen ranakun, ka yi tunani da ranakunsu, ba naka kaɗai ba. Na tsallake Juma'a da gangan, domin taron da aka fara ƙarfe goma sha ɗaya ranar Juma'a rabinsa duban agogo ne, kuma wanda zai zo daga nesa zai so ya san inda zai yi salla. Ɗan kasuwa kuma yana da ranar kasuwarsa. Idan ka san ɗaya daga cikin dillalanka yana cin kasuwar Maigatari, wadda take ci ranar Alhamis, ka san tun kafin ka kira cewa Alhamis ba za ta yi masa ba, sai ka sa Asabar ko Litinin a gaba. Ga mai tasowa daga Zariya kuma, ƙarfe takwas na safe zalunci ne, ƙarfe huɗu na yamma kuma yana nufin zai koma cikin dare, saboda haka tsakanin goma da sha biyu ne lokacinsa.

Da yake mutum uku ne, akwai tarkon da ya kamata ka kauce masa. Idan ka ba kowannensu zaɓi biyun nan daban-daban, Alhaji zai ce Alhamis, na biyu ya ce Litinin, na uku ya ce duk ɗaya, sai ka koma zagaye na biyu kana warware abin da ka ƙulla. Hanyar da ta fi ita ce ka bar mai nisa kuma babba ya zaɓa tukuna, sannan ka je wa sauran biyun da abin da ya zaɓa. Za ka ce wa na biyu, bayan ka ba shi haƙuri kamar yadda ka ba na farko, "Na yi magana da Alhaji na Zariya, tunda shi ne mai nisa, ya ce Alhamis 14 ga wata ƙarfe goma ta yi masa. Kai ma za ta yi maka?" Mutanen gari sun fi samun sauƙin juya shirinsu, kuma ba wanda zai ga aibu don an fara da dattijo mai tafiya. Idan ɗaya ya ce sam ba zai samu ba, kada ka sake tayar da ranar kowa saboda shi. Ka tambaye shi ko zai turo wakili, ko kuwa ka ware masa zama na daban a shagonsa washegari.

Bayan ka gama kiran ukun, a daren nan, sai rubutu ya shigo. Ka tura wa kowa saƙo iri ɗaya, gajere, wanda ko yaron shago ne ya karanta zai gane:

"Assalamu alaikum. Kamar yadda muka yi magana a waya, an ɗage zamanmu na gobe Talata 12 ga wata. Sabon lokaci shi ne Alhamis 14 ga wata, ƙarfe 10:00 na safe, a ofishinmu, in sha Allah. Abin da za a tattauna bai canza ba. Na gode da fahimtarku, kuma ina sake ba ku haƙuri."

Ga wanda ka san karatun boko bai dame shi ba, ka maimaita wannan a saƙon murya da bai wuce rabin minti ba. Idan kuma ka taɓa aika gayyata ta kalandar kwamfuta, kamar Google Calendar ko Outlook, ka buɗe gayyatar ka canza ranarta maimakon ka goge ta, domin gogewa tana aika wa mutane sanarwar sokewa kawai, ba tare da sabuwar rana ba. Kada ka manta da mutanen cikin gida: maigadi da mai karɓar baƙi su san an ɗage, su kuma san abin da za su yi idan wani ya zo duk da haka, wato a shigar da shi, a ba shi wurin zama da ruwa, a kira ka. Idan an yi odar abinci, a dakatar da shi yau.

Akwai wani abu da mutane suke mantawa, wanda a ganina ya fi duk kalaman ban haƙuri amfani. Taron nan an kira shi ne don wata buƙata, kuma buƙatar ba ta ɗagu ba don taron ya ɗagu. Ka tambayi kowannensu, "Akwai abin da kake jira daga zaman nan da ba zai kai Alhamis ba?" Wataƙila Alhaji yana jiran ya ji sabon farashin buhu ne kafin ya ba nasa masu sayen amsa, wataƙila wani yana da mota da ya yi niyyar lodawa gobe bayan taro. Idan farashi ne, ka tura musu jadawalin a daren nan, a bar ciniki sai an haɗu. Idan lodi ne, ka ba mai kula da sito izini a rubuce ya saki kayan a kan tsohuwar yarjejeniya. Idan kuma farashin kamfani zai tashi a tsakanin Talata da Alhamis, adalci shi ne a riƙe musu na Talata, tunda jinkirin daga wajenku ya zo, amma ka sami amincewar maigidanka kafin ka furta wannan, kada ka yi alkawarin da ba naka ba ne.

Idan kuwa duk ƙoƙarinka bai kai ba, ka wayi gari Alhaji ya riga ya kama hanya, to ka kira shi tun yana kusa da gida ya juya. Idan ya riga ya wuce Kwanar Ɗangora, ya fi kusa da Kano ke nan, kuma cewa ya koma ya fi ciwo. A nan sai ka bar shi ya ƙaraso, ka sa babban wanda ke ofis ya karɓe shi da abinci, a yi duk abin da za a iya yi ba tare da kai ba, kai kuma ka kira shi daga asibiti na minti biyar. Maganar kuɗin mai tana buƙatar dabara, domin miƙa wa babban mutum kuɗi a hannu yana iya zama cin fuska. Abin da aka saba shi ne a sallami direbansa a gefe, ko kuma zama na gaba kai ka je.

Yadda za ka gane ko an huce ko ba a huce ba, kada ka dogara da "ba komai", domin kowa zai ce ba komai, tarbiyya ce. Ka saurari abin da ya biyo baya. Wanda ya yi wa mahaifiyarka addu'a sannan ya ce "bari mu bar shi Alhamis ɗin", ko ya ce "Alhamis ina da ɗaurin aure, a mai da shi Litinin", wannan yana tare da kai, domin ya shiga aikin neman rana. Wanda ya ce "to, zan duba in kira ka" bai zaɓi ko ɗaya ba, bai kuma kawo tasa ba, akwai sauran magana a ransa, ko kuwa da gaske bai san yadda makonsa yake ba. Kada ka matsa masa a wannan kiran, kuma kada ka zauna jiran kiransa. Ka ce masa, "To Alhaji, ni zan kira ka jibi Laraba bayan azahar in ji wadda ta yi", sannan ka kira a lokacin da ka faɗa. Idan a kira na biyu ma bai tsayar da rana ba, to waya ta gama nata aikin, zuwa da kai ya fi saƙo, sai ka nemi izinin zuwa ka gaishe shi a inda yake.

Ranar Laraba da yamma ka tura wa duka ukun tunatarwa ta layi ɗaya, ka haɗa da labarin jikin Hajiya, domin za su so su ji, kuma wanda ya yi maka addu'a yana da haƙƙin a gaya masa yadda aka kwana. Ranar Alhamis ka riga kowa isa, takardu a shirye a kan tebur, ka fito ka tarbi Alhaji a bakin ƙofa. Idan an zauna, ka gode musu a jimla ɗaya saboda haƙurin da suka yi, ka shiga maganar da ta tara ku, ba tare da ka sake buɗe babin ban haƙuri ba. Idan kuma jikin Hajiya ya ƙi har ka ga Alhamis ɗin ma tana rawa, kada ka jira safiyarta. Ka kira su tun Laraba da rana, ka mai da zaman Litinin 18 ga wata da ka riga ka ambata wa Alhaji, ka kuma gaya wa Alhaji cewa shi ba sai ya taso ba, kai za ka same shi a Zariya ranar da ya ga dama a cikin makon.